Yadda Ake Karanta Hoton Ƙirji Daki-daki, da Yadda Nimoniya Ke Fitowa a Cikinsa

Ɗalibin likitanci da ya fara zagayen ɗakunan majinyata a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ko a Lamorde, da wuya ya yini ba a miƙa masa hoton ƙirji an ce ya faɗi abin da ya gani ba. Yawancin ɗalibai idonsu kan faɗa kai tsaye kan wurin da ya fi fari, su ce nimoniya ce, su tsaya nan. Wani lokaci su dace. Amma fari a cikin huhu yana iya zama mugunya, ko ruwa, ko jini, ko ƙari, ko kuma huhun da ya motse don iska ba ta shigarsa. Hoton ba ya faɗin sunan cuta. Abin da yake nunawa shi ne inda iska ta ɓace, aikinka kuma ka gano a wane sashen huhu ta ɓace, da ko sashen ya riƙe girmansa ko ya ragu.

Tushen karatun duka abu ɗaya ne. Hasken na'urar X-ray yana ratsa iska cikin sauƙi, don haka iska take fitowa baƙa. Kitse yana fitowa toka-toka mai duhu, tsoka da jini da ruwa da mugunya duk launinsu ɗaya ne, toka mai haske, ƙashi fari, ƙarfe kuma fari fat. Ido yana ganin iyaka ne kawai inda abubuwa biyu masu launi daban suka haɗu. Kana ganin gefen zuciya ne saboda huhu mai iska yana jingine da ita. Ranar da wannan huhun ya cika da mugunya, launinsa ya zama ɗaya da na zuciya, sai iyakar ta shafe. Ka riƙe wannan, don da shi za ka yi rabin aikin.

Kafin ka kalli huhu

Fara da rubutun da ke jikin hoton: suna, shekaru, kwanan wata. A ɗakin da mutum uku ke amsa suna ɗaya, ambulan kan sauya hannu. Sannan ka nemi harafin da ke nuna dama ko hagu, D ko G a yawancin hotunanmu, R ko L a wasu na'urorin, ka kafa hoton kamar majinyacin yana fuskantarka, damarsa tana hagunka. Idan fim ne, ka sa shi a allon haske. In babu wuta, hasken taga da safe ya fi fitilar waya. Hoton da aka ɗauka da waya aka turo maka kuwa, ka karɓe shi da taka-tsantsan, don abubuwan da suka fi ɓuya, kamar siririn layin iskar da ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, su ne suke fara ɓacewa a cikinsa.

Tambaya ta gaba ita ce yadda aka ɗauki hoton. Ingantaccen hoto shi ne wanda majinyaci ya tsaya, ƙirjinsa manne da faranti, hasken ya fito ta bayansa daga nisan kamar santimita 180. Shi ake rubuta wa PA. Wanda ba ya iya tsayuwa ana ɗaukarsa a gado, hasken ya shiga ta gaba, wato AP. Bambancin ba ƙarami ba ne. A AP zuciya tana nesa da faranti, don haka inuwarta takan yi girman da ya wuce nata, tsakiyar ƙirji ma ta yi faɗi. Idan ba a rubuta ba, dubi allunan kafaɗa: a PA an janye su gefe, a AP suna kwance a kan huhu. Idan ka ga iskar tumbi a ƙarƙashin huhun hagu da shimfiɗaɗɗen layin ruwa a ƙasanta, a tsaye ko a zaune aka ɗauki mutumin.

Saura abu uku, kuma kowannensu yana iya ƙirƙiro cutar da babu ita.

Na farko karkata. Dubi ƙasusuwan nan biyu da ke kwance a gindin wuya, kilabikil. Kawunansu na ciki ya kamata su yi nisa ɗaya da tsinin ƙashin baya da ke tsakaninsu. In ɗaya ya fi kusa, mutumin ya juya, sai ka ga maƙogwaro kamar ya kauce, huhu ɗaya ya fi ɗan'uwansa duhu, tushen huhu ɗaya ya fito kamar ƙari.

Na biyu jan numfashi, kuma nan ne aka fi yaudarar ɗalibai. Ƙirga haƙarƙari. Na baya sun fi fitowa sarai, kusan a kwance suke. Na gaba suna gangarowa ne zuwa tsakiya, su dushe kafin su kai ƙashin ƙirji, saboda guringuntsi ba ya fitowa a hoto. Mutumin da ya cika huhunsa da iska za ka ƙirga na baya 9 zuwa 10 a saman diyafaram, wato tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ko na gaba kamar 6. In ka samu na baya 7 kawai, jijiyoyin jinin da ke ƙasan huhu sun cunkushe wuri ɗaya, gindin huhu biyu ya yi hazo, zuciya ta baje. Da yawa daga abin da ake kira nimoniyar gindin huhu biyu, hoton mutum ne da ciwon gefe ya hana shi jan numfashi, ko yaron da aka ɗauka yana tsakiyar kuka. Idan hali ya yi, a sake hoton ya fi a rubuta magani a kansa.

Na uku ƙarfin hasken. A hoto mai kyau kana hango gaɓoɓin ƙashin baya ta cikin inuwar zuciya, sama-sama, kuma kana iya bin diyafaram na hagu har ya isa ƙashin baya. Hoton da ya yi fari da yawa yana ɓoye duk abin da ke bayan zuciya. Wanda ya ƙone ya yi baƙi kuma yana cinye ƙananan tabo.

Zagayen ido

Tsarin da za ka bi ba shi ne muhimmi ba, muddin ba ka canza shi. Wanda muke ba ɗalibai yana farawa daga tsakiya ya fita waje.

Bi maƙogwaro daga wuya zuwa inda ya rabu biyu, daidai gaɓar ƙashin baya ta 4 zuwa ta 5 ta ƙirji. A tsakiya yake, sai ɗan kaucewa dama a inda ya wuce gwiwar babbar jijiyar awota. Reshen dama ya fi faɗi, ya fi miƙewa ƙasa, shi ya sa gyaɗar da yaro ya shaƙa da aman da mai farfaɗiya ya shaƙa suka fi faɗawa dama.

Daga nan tushen huhu biyu, inda manyan jijiyoyi da bututun iska ke shiga. Na hagu yakan ɗan fi na dama tsawo, ko su yi daidai. Na dama ba ya hawa sama da na hagu sai da dalili, kuma dalilin yawanci wani sashe ne ya motse ya ja shi. Tushen da ya yi dunƙule-dunƙule a jikin yaro mai tari da rama, kaluluwar tarin fuka ce har sai an tabbatar ba ita ba ce.

Auna zuciya: faɗinta mafi girma, a raba da faɗin ƙirji daga cikin haƙarƙari zuwa cikin haƙarƙari. A babban mutum, a hoton PA mai cikakken numfashi, bai kamata ya wuce 0.5 ba. A AP kada ka yanke hukunci da wannan awo. Sai ka bi gefen zuciya na dama da na hagu da yatsa, ka tabbatar kowanne a fili yake kamar an ja shi da alƙalami.

Diyafaram na dama ya ɗan fi na hagu tsawo, kamar santimita 1 zuwa 2, saboda zuciya tana danne na hagu. Kusurwar da kowannensu ya yi da haƙarƙari ya kamata ta zama mai tsini. Sai ruwa ya kai kamar mililita 200 kafin ya dushe wannan kusurwa a hoton gaba, amma a hoton gefe mililita 50 ma yana iya nunawa. Leƙa ƙarƙashinsu. Siririn baƙin jinjirin wata a ƙarƙashin na dama iska ce da ta fita daga hanji ko tumbin da ya ɓule, kuma aikin masu fiɗa ne nan take. Diyafaram na dama da ya ɗaga sosai a mai zazzaɓi da ciwon gefen dama, ka tuna da ƙurjin hanta kafin ka ɗora wa huhu laifi.

Sai yanzu huhu. Raba kowanne gida uku, sama da tsakiya da ƙasa, ka riƙa gwada dama da hagu a tsayi ɗaya. Zanen jijiyoyin jini yana sirancewa yayin da yake nufar gefe, amma ya kamata ka gan shi har kusa da haƙarƙari. Inda ka ga baƙi wuluk babu zane ko ɗaya, da siririn farin layi a bakinsa, iska ce ta shiga tsakanin huhu da bangon ƙirji. Ƙare da ƙasusuwa da naman jiki. Inuwar nono tana ƙara wa gindin huhu fari, kitso ko laya ko maɓallin riga kuma suna iya fitowa kamar tabo a sama.

Bayan ka gama, koma wurare huɗu da cuta ke ɓuya: ƙololuwar huhu a bayan kilabikil, tushen huhu, bayan zuciya, da huhun da ya gangara bayan diyafaram.

Fari ya bayyana: a ina yake?

Huhun dama sashe uku ne, sama da tsakiya da ƙasa. Na hagu biyu ne, amma sashen samansa yana da wani harshe da ya gangaro ya rungumi zuciya, ana ce masa lingula. A hoton gaba waɗannan sassa suna hawa kan juna, don sashen ƙasa yana baya ne kuma yana hawa sama sosai. Saboda haka farin da ka gani a ƙasan hoto ba lalle ne yana sashen ƙasa ba. Nan ne ɓacewar iyaka ke aiki, alamar da likitan hoto Benjamin Felson ya yi bayaninta a 1950, wadda ake kira alamar siluwet.

Zuciya tana gaba a cikin ƙirji. Abin da ke taɓa gefenta na dama shi ne sashen tsakiya, abin da ke taɓa gefenta na hagu kuma lingula. Diyafaram kuwa sassan ƙasa ne ke zaune a kansa. To, idan fari yana ƙasan dama kuma gefen zuciya ya shafe amma diyafaram yana nan sarai, cutar tana sashen tsakiya. Idan diyafaram ya shafe, gefen zuciya kuma kana ganinsa ta cikin farin, cutar tana baya, a sashen ƙasa. Haka yake a hagu. Sashen sama na dama yana da wata alama tasa: farinsa yakan tsaya cak a kan miƙaƙƙen layi a kwance, wato ƙaramar tsagar da ta raba shi da sashen tsakiya, wadda take daidai haƙarƙarin gaba na 4.

Tambaya ta biyu: akwai baƙaƙen rassa a cikin farin? Idan ƙananan jakunkunan iska sun cika da mugunya amma bututun da ke kai musu iska suna buɗe, za ka ga bututun kamar siraran rassa masu duhu a cikin farin. Wannan shi ne buronkogaram. Yana gaya maka cewa cutar a cikin naman huhu take, ba ruwa ba ne a bayansa, kuma babban bututun bai toshe ba. Ba ya gaya maka ko mugunya ce ko ruwa ko jini.

Tambaya ta uku ita ce wadda ɗalibai suka fi mantawa: girman wurin ya canza? Nimoniya tana musanya iska da mugunya, girman sashen yana nan yadda yake, don haka maƙogwaro da tsaga da diyafaram ba sa motsi. Sashen da ya motse yana jawo maƙwabtansa: tsaga ta lanƙwasa zuwa gare shi, tushen huhu ya bi shi, diyafaram ya ɗaga, haƙarƙari su matse. Ruwa mai yawa kuma turawa yake yi. Wannan ya fi fitowa fili idan gefe ɗaya ya yi fari gaba ɗaya. Maƙogwaro ya nufi farin, huhu ne ya motse, sai a nemi abin da ya toshe bututun. Ya guje wa farin, ruwa ne ya cika ƙirjin. Yana tsakiya, ko dai nimoniya ce ta cinye huhun duka, ko ruwa da motsewa sun haɗu sun yi kunnen doki, kuma eko a bakin gado zai raba gardamar kafin a soka allura.

Siffofin nimoniya

Wadda ta fi sauƙin ganewa ita ce mai cin sashe guda: fari bai ɗaya, mai tsayawa a kan tsaga, da buronkogaram a ciki, girma bai canza ba. Ƙwayar numokok ce ta fi kawo ta, kuma labarin yakan zo daidai da hoton, zazzaɓi mai zafi da ya faɗo farat ɗaya da rawar sanyi, suka a gefe, majina mai launin tsatsa. Ana yawan ganinta a lokacin hunturu. Idan sashen ya kumbura har tsagar ta yi ciki zuwa waje, littattafai sukan ambaci kilebsiyela, musamman a mai ciwon suga ko mashayi, amma numokok ma tana yin haka.

Ta biyu ba ta bin iyakar sashe. Tana farawa daga ƙananan bututu ta bazu, sai ka ga dabbare-dabbaren fari masu dusassun gefe, yawanci a gindin huhu biyu, buronkogaram kaɗan ko babu. Ita ce ta tsofaffi, da wanda ya daɗe a gadon asibiti, da yaron da ya tashi daga ƙyanda. A irin wannan yaron ka sa ido kan istafilokok, don tana huda huhu ta bar ƙoƙuna masu siririn bango cike da iska, waɗanda kan fashe su tara iska ko mugunya a bayan huhu cikin kwana ɗaya ko biyu. Yaron da numfashinsa ya rikice farat ɗaya a wannan hali, sabon hoto yake buƙata, ba sabon magani kawai ba.

Ta uku tana cikin bangon jakunkunan ne, ba a cikinsu ba. Hoton yana nuna siraran layuka da hazo a huhu biyu, suna fitowa daga tushe, bangon bututu ya yi kauri. Ƙwayoyin bairos da mikofalasma ne suka fi yin haka. A mai ɗauke da cutar sida da garkuwarsa ta faɗi, ƙwayoyin garkuwa na CD4 ƙasa da 200, hazo a huhu biyu tare da busasshen tari da haki na makonni yana nuna numosistis, wata nimoniya da ke kama masu raunin garkuwa. Hotonta yana iya fitowa kamar lafiyayye a farko, alhali iskar jininsa tana faɗuwa da zarar ya yi ƴan takawa. A nan na'urar yatsa mai auna iskar jini ta fi hoto gaskiya.

Wanda ya shaƙi amai, wurin farin yana bin yadda yake kwance lokacin. In rigingine yake, bayan sashen sama ko saman sashen ƙasa, galibi a dama. Bayan mako ɗaya ko biyu yana iya zama ƙurji: rami mai kaurin bango da shimfiɗaɗɗen layin ruwa a ciki, majina kuma tana wari. A yara ƴan ƙasa da shekara 8 nimoniya kan dunƙule kamar ƙwallo har a ɗauka ƙari ne. A jarirai kuma, har wajen shekara 2, inuwar timus, wata gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, a saman dama mai kusurwa uku ba cuta ba ce, kada ka ba ta magani.

Waɗannan siffofi suna karkata tunani ne kawai, ba sa tabbatar da ƙwaya. Kuma a Yamai akwai abubuwa uku da ke shigar burtu da kamar nimoniya.

Babbansu tarin fuka. Fari a sashen sama, musamman da rami a ciki da ƙananan ɗigo a kewaye, ko ruwa a gefe ɗaya a jikin matashi, ko kaluluwa a tushen huhu, duk suna wajabta gwajin majina da GeneXpert, na'urar gano ƙwayar tarin fuka. Haka kuma tarin da ya kai mako 2, ko yaya hoton yake, don a mai ciwon suga ko sida tarin fuka yana iya zama a sashen ƙasa babu rami. Akwai kuma mai bazuwa ta jini, inda huhu biyu ke cika da ɗigo na milimita 1 zuwa 3, kamar an watsa gero a kan baƙin zane. Sai ka matso kusa da hoton kafin ka gan su. Hattara da ba da magungunan ƙwayoyin cuta irin su sifurofulokzasin ko lebofulokzasin ga wanda ba a cire shakkar tarin fuka a kansa ba. Suna danne ta na ɗan lokaci, majinyaci ya ji sauƙi, ganowa ta yi jinkiri. Kuma ka tambayi sana'a, don wanda ya yi shekaru a ramukan zinariya irin na Komabangu ƙurar dutse kan bar masa ɗigo a saman huhu biyu, ta kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Na biyu ruwan da gazawar zuciya ke tarawa a huhu. Zuciya ta yi girma, farin yana huhu biyu kewaye da tushe, jijiyoyin sama sun kumbura, akwai gajerun layuka a kwance na santimita 1 zuwa 2 a gefen gindin huhu, kusurwoyi biyu sun dushe. Mai jego da ta zo da haki da tari da kumburin ƙafa makonni bayan haihuwa, a ƙasarmu an san wannan ciwon zuciya sarai, ka auna zuciyarta a hoton kafin ka rubuta nimoniya. Wannan farin yana raguwa cikin kwana ɗaya ko biyu da furosemid, maganin fitar da ruwa ta fitsari, abin da nimoniya ba ta yi.

Na uku mai sikila da ya zo da zazzaɓi da ciwon ƙirji da sabon fari a gindin huhu. Hoton ba zai raba maka shi da nimoniya ba, kuma ba a jiran ya raba. Ana kwantar da shi, a ba shi iska da maganin ƙwayoyin cuta da na ciwo, a shirya jini.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara ɗan kabu-kabu ne mai shekara 38, kwana 3 yana zazzaɓi da tari da suka a gefen hagu. Ya sha maganin zazzaɓin sauro a unguwa bai ji sauƙi ba. Zafin jikinsa 39.2, numfashi 28 a minti, hawan jini 110/70, iskar jini kashi 93 cikin 100, hankalinsa garau. A bayan ƙirjinsa na hagu daga ƙasa kana jin ƙaras-ƙaras. Ga hoto, kuma da kallon farko huhu biyu baƙi ne tas.

Bi tsarin. PA ne a tsaye, kawunan kilabikil daidai, haƙarƙarin baya 9. Maƙogwaro a tsakiya. Tushen hagu yana wurinsa, bai faɗo ƙasa ba. Faɗin zuciya santimita 13, na ƙirji 29, wato 0.45. Gefen zuciya na dama da na hagu duka sarai, saboda haka sashen tsakiya da lingula lafiya lau. Diyafaram na dama kana binsa daga gefe har tsakiya. Na hagu kuwa kana binsa daga gefe, amma da ya shiga bayan zuciya sai ya ɓace. Yanzu gwada inuwar zuciya da kanta: ɓangaren da ke hagun ƙashin baya ya fi wanda ke dama fari, alhali ya kamata su yi kusan ɗaya. Layin awota da ke gangarowa a hagun ƙashin baya ma ya shafe daga ƙasa. Da ka matso, ga baƙaƙen rassa biyu ko uku a cikin farin.

Idan ka nemi hoton gefe, akwai hanya mai sauƙi ta tabbatarwa. Gaɓoɓin ƙashin baya ya kamata su riƙa ƙara duhu yayin da kake gangarowa. A nan na ƙasa sun fi na sama fari, don akwai cikakken huhu a kansu.

Abin da za ka faɗa wa malaminka, ko ka rubuta da Faransanci a takarda, siffantawa ce kafin suna: fari bai ɗaya a bayan zuciya, ya shafe cikin diyafaram na hagu da layin awota, bai taɓa gefen zuciya ba, da buronkogaram, girma bai ragu ba, babu rami, kusurwoyi a buɗe. Sannan ka ce, tare da zazzaɓin kwana 3 da abin da kunne ya ji, wannan nimoniya ce ta sashen ƙasa na hagu. Da sashen motsewa ya yi, da ka ga fari mai kusurwa uku da kaifin gefe a bayan zuciya, tushen hagu ya faɗo, sauran huhun hagu ya fi na dama baƙi.

Ko a kwantar da shi ko a sallame shi, ba faɗin farin ne ke yanke wannan ba. Ana duba majinyacin da ma'aunin CRB-65: ruɗewar hankali, numfashi 30 ko fiye, hawan jini na sama ƙasa da 90 ko na ƙasa 60 zuwa ƙasa, shekara 65 ko fiye. Wannan mutumin ba shi da ko ɗaya, iskar jininsa kuma ba ta faɗi ƙasa da 90 ba, don haka yana iya shan amokzisilin giram 1 sau 3 a rana a gida, da sharaɗin ya dawo cikin awa 48 zuwa 72. Abin da hoto ke ƙarawa a wannan hukunci shi ne in ya nuna sashe fiye da ɗaya, ko rami, ko ruwa, don kowannensu yana ƙara nauyin ciwon.

A ce ya dawo rana ta 3 zazzaɓi bai sauka ba, gefen hagu ya yi dum in an ƙwanƙwasa, numfashi ba ya jiyuwa a wurin. Sabon hoto ya nuna kusurwar hagu ta cike, saman farin ya lanƙwasa yana hawa ta gefen haƙarƙari, babu buronkogaram a cikinsa. Ruwa ya taru. A sa eko, a ja shi da allura. In mugunya ce, ko awon tsaminsa, wato pH, ya nuna ƙasa da 7.2, canza magani kaɗai ba zai isa ba, sai an sa tiyo an zuƙe. In ruwan garau ne mai launin rawaya kuma fararen ƙwayoyin jini na limfosit suka rinjaya, a koma kan tarin fuka.

In kuwa ya dawo zazzaɓi ya sauka yana cin abinci, kada ka sake hoto a wannan makon. Hoto yana bin bayan jiki ne. A ranar farko ta ciwo yana iya fitowa ba komai, a kwanakin farko na magani farin yana iya ƙaruwa alhali mutum yana samun sauƙi, kuma kafin ya washe gaba ɗaya yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, a tsoho fiye da haka. Wanda ake sake wa hoto bayan mako 6 shi ne mai shan taba, da wanda ya haura shekara 50, da wanda tari ko rama ba su bar shi ba. Idan farin yana nan, ko nimoniya ta sake dawowa a sashe ɗaya, a aika majina gwajin tarin fuka, a nemi sikana, a yi tunanin abin da ya toshe bututun wannan sashen: ƙari a babba, a yaro kuma gyaɗa ko wani ɗan abin da ya shaƙa iyaye ba su gani ba.